Gaskiya ko Jita-jita: Kunkuru, Sarki Mai Haɗama da Shafi Guda

Fim ɗin katun yana farawa ne da takarda, tun kafin a zana ko da ƙafar kunkuru ɗaya. Takardar nan, wadda masu sana'ar fim ke kira tiritimen, ita ce ke ba da labarin fim ɗin daga farko har ƙarshe cikin zube, kamar mai kallo yana faɗin abin da yake gani a majigi. Ita ake miƙa wa furodusa, ita ake nuna wa mai zane, kuma da ita ake neman kuɗi. Matashin da ke Makarfi ko Hunkuyi ko Ikara, wanda yake da waya da kwamfuta da sha'awar mayar da tatsuniya katun, zai ji maganganu iri-iri a kan wannan takarda. Wasu gaskiya ne, wasu rabinta, wasu kuwa su ne ke kashe aiki tun yana jariri. Bari mu bi su da misali guda: tatsuniyar kunkurun da ya yi wa sarki mai haɗama wayo.

“Kunkuru ba namu ba ne, Gizo ne gwarzon tatsuniyar Hausa”

Rabin wannan gaskiya ne, kuma rabin mai nauyi. Duk wanda ya buɗe Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya fitar a juzu'i uku daga 1911 zuwa 1913, ko tarin da R. S. Rattray ya buga a 1913, ko jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, zai ga cewa mai wayon da ya cika fage shi ne Gizo, da matarsa Ƙoƙi, sai dila malamin daji. Kura ce ke shan wahala. Har rufe tatsuniya ma da sunan Gizo ake yi. Kunkuru kuwa a ƙasar Yarbawa da ta Ibo yake riƙe da wannan matsayi. Yarbawa na kiransa Ijapa, Ibo na kiransa Mbe, kuma Chinua Achebe ya saka tatsuniyarsa da tsuntsaye a cikin Things Fall Apart a 1958. Labarin jan igiya tsakanin giwa da dorina, wanda a kudu kunkuru ne ke haɗa shi, a wurinmu aikin Gizo ne.

Inda maganar ta kauce shi ne cewa kunkuru baƙo ne. Babban kunkurun tudu, mai haƙa rami ya fake wa zafi, ɗan yankin Sahel ne, kuma Hausawa sun daɗe suna ajiye shi a gidaje. Yara sun san shi da ido. Abin da marubuci zai kiyaye shi ne kada ya ɗauko Gizo ya sa masa ƙoƙon baya. Wayon Gizo na gaggawa ne, na tsamin baki da ƙarya da tsere, kuma shi kansa makwaɗaici ne. In ka ba kunkuru irin wannan hali, mai kallo Bahaushe zai tambaye ka dalilin da ya hana ka sa Gizo kawai. Kunkuru yana da abu biyu da Gizo ba shi da su, wato nawa da haƙuri. A ganina, dabarar da ta dace da shi ita ce wadda sai mai nawa ne zai iya yin ta.

“Shafi ɗaya ba zai ɗauki labarin fim ba, sai an rubuta sikirif”

Jita-jita ce, kuma ta samo asali ne daga cakuɗa takardu biyu masu aiki daban. Sikirif yana ɗauke da kowace fitowa da kowace magana, kuma a al'adar masu fim shafinsa guda yana daidai da kimanin minti guda a majigi. Tiritimen ba ya yin wannan. Aikinsa shi ne ya nuna ko labarin yana tsaye da ƙafarsa. Na dogon fim yakan kai shafi goma ko fiye, amma fim ɗin minti biyar shafi guda ya ishe shi. Farar takarda ta ofis, da rubutu madaidaici, tana ɗaukar kalmomi 450 zuwa 500. Ana sa sunan fim da tsawonsa da waɗanda aka yi dominsu a sama, sai jimla ɗaya ko biyu da ke ɗauke da ƙashin bayan labarin, sannan labarin kansa. Ana rubuta shi kamar yanzu abin ke faruwa, kuma ba a rubuta abin da ido ba zai gani ba ko kunne ba zai ji ba.

Ga misali da na tsara domin wannan bayani. Garin da sarkin duk ƙirƙira ne, sai dai ƙasar irin ta Makarfi da Kudan ce, ta fadama da rake da mazarƙwaila.

MUDUN SARKI. Katun na minti 5, don yara 'yan shekara 6 zuwa 12 da iyayensu.

Sarki yana karɓar hatsi da babban mudu yana mayarwa da ƙarami. Kunkuru ya kawo masa kyautar mudun da ya fi kowanne girma, amma ya iso a makare.

Kaka ce. A ƙofar fada, Sarki Ci-ka-ƙara yana zaune gaban rumbuna uku. Sankira yana shelar dokar gari: kowane gida zai ba da ajiyar mudu goma na dawa da kaka, sarki kuma zai mayar da mudu goma ranar da ruwan shuka ya sauka. Dogari yana awo da wani ƙaton mudu. A gefen sarki, kan buzu, ga wani ɗan mitsitsin mudu kamar ludayi. Wata tsohuwa ta kalli babban, ta kalli ƙaramin, ta sunkuyar da kai. Dogarawa biyu su ma suna juye nasu hatsin, fuska a murtuke. Kunkuru yana kallo daga gindin rumbu.

A bakin fadama, inda doki ke juya injin matse rake, Kunkuru ya roƙi mai mazarƙwaila wani tsohon kasko da aka daina dafa ruwan rake a ciki. Ya shige ƙarƙashinsa, ya kama hanyar fada. Ba a ganin komai sai kasko a kife yana tafiya da 'yan ƙafafu huɗu.

Hunturu ya busa, kasko yana tafiya. Rani ya ƙone ciyawa, yara suna hawa kansa, awaki suna fakewa a inuwarsa. Tsohuwa tana kankare gindin tukunya. Da Kunkuru ya hango fada, sai ya tsaya, ya leƙo, ya dubi sama. Babu gajimare. Ya koma ciki ya yi barci. Sai da hadari ya fara haɗuwa a gabas ya ƙarasa taku goman da suka rage.

Fada ta kwashe da dariya. Kunkuru ya faɗi ya yi gaisuwa: “Ranka ya daɗe, tun kaka na taso da wannan mudu. Ya ci goma na babban mudunka.” Idon sarki ya cika da hoton rumbuna ɗari. Ya miƙa hannu. Kunkuru ya ce sharaɗi ɗaya ne: a tara gari, sarki ya rantse cewa daga yau wannan kaɗai ne mudun awo a ƙasarsa. Waziri ya matso zai yi raɗa, sarki ya ture shi. Ya rantse, kuma da ƙafarsa ya tattake tsofaffin mudun biyu.

Ɗigon ruwa ya faɗi cikin kasko, ƙwal. Wani ya biyo. Jama'a suka yi tsit. Sankira ya ɗaga ganga a hankali ya maimaita dokar gari: yau ranar mayar da mudu goma ce. Tsohuwa ta fara shimfiɗa zanenta. Sarki ya daka wa dogarawa tsawa su kori mutane. Dogarawan suka kalli juna, suka ajiye sanduna, suka ɗauko buhunansu suka shiga layi.

Rumbu na farko ya ƙare, na biyu ya ƙare, na uku ya ƙare. Ruwa yana zuba, gari yana shuka. Sarki na zaune shi kaɗai a ƙofar fada, rawani a jiƙe. Kunkuru ya turo masa dawa cikin ɓallin ƙaramin mudun da ya fasa, tare da fartanya. Sarki ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ɗauki fartanyar ya bi bayan Kunkuru zuwa gona, a hankali, don Kunkuru ne a gaba.

Shi ke nan, bai cika shafi ba ma. Maganar baki sau ɗaya aka kawo ta kai tsaye, domin ita ce ƙugiyar da labarin ya rataya a kai. Sauran duk abin gani ne. Ban rubuta cewa sarki azzalumi ne ba, mudu biyu sun faɗa. Ban rubuta cewa ana yunwa ba, tsohuwa da gindin tukunya sun faɗa. Wannan shi ne gwajin farko da marubuci zai yi wa takardarsa: ya bi ta jimla-jimla, duk inda ya ga kalma irin su “ya ji haushi” ko “ya yi tunani” ko “mutane sun gaji da shi”, ya tambayi kansa me mai zane zai zana a wurin. In babu amsa, jimlar ta littafi ce, ba ta fim ba.

Akwai gurbi biyu da irin wannan labari ke yawan rushewa, kuma shafi ɗaya yana tona su da wuri. Na farko shi ne tambayar da kowane yaro mai kaifin hankali zai yi: me ya hana sarki ya karya rantsuwarsa? Mai iko da dogarawa ba ya jin tsoron kalma. Shi ya sa tun a fitowar farko aka nuna dogarawa suna juye nasu hatsin da ɓacin rai, domin in sun ajiye sanduna a ƙarshe kada abin ya zama kamar daga sama ya faɗo. Cire wannan jimla guda, ka ga ƙarshen ya zama roƙon mai kallo ya yi haƙuri ya yarda. Na biyu shi ne dokar mayar da ajiya ranar ruwan shuka. Dole a faɗe ta a fili a farkon fim, sannan a shagaltar da mai kallo da tafiyar kasko har ya manta da ita, yadda sarki ya manta. Daɗin tatsuniyar wayo yana wurin da mai sauraro zai tuna da abin da aka riga aka gaya masa, daƙiƙa ɗaya kafin mugu ya tuna.

“Kada ka rubuta ƙarshen labari, za a sace maka”

Wannan ita ce jita-jitar da na fi so a rabu da ita, domin tana fitowa ne daga tsoro na gaskiya, amma maganin da take bayarwa ba ya warkarwa. Mutum zai rubuta shafi mai kyau, ya zo daidai wurin dabarar kunkuru, sai ya rufe da tambaya: ko kunkuru zai yi nasara? Wannan salon talla ne, na jan 'yan kallo. Mai karanta tiritimen ba ɗan kallo ba ne, mutum ne da zai zuba kuɗinsa ko watanninsa. A tatsuniyar wayo kuwa dabarar ita ce hajar. Wanda ya ɓoye ta ya zama kamar mai kai rake kasuwa a ƙunshe cikin buhu, yana cewa a saya ba a ga gaɓa ba.

Ta fuskar doka ma ɓoyewar ba ta ƙara komai. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, kamar takwarorinta a duniya, ba ta kare tunani tsagwaronsa, tana kare yadda aka fitar da shi ne a rubuce ko a zane. “Kunkuru ya yi wa sarki wayo” ba mallakin kowa ba ne. Amma shafin da ya ƙunshi mudu biyu da kasko da ɗigon ruwa, a jere yadda aka jera su, aiki ne mai mai shi tun daga lokacin da aka rubuta shi. Ke nan, gwargwadon cikar takardarka, gwargwadon abin da za ka iya nunawa a matsayin naka. Abin yi shi ne ka sa sunanka da kwanan wata a kanta, ka aika ta hanyar da ke barin shaida, irin su imel, ka ajiye kwafi. Mai son ƙarin kariya yana iya yin rajistar aikinsa a Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, ko da yake haƙƙin bai dogara ga rajistar ba.

“A katun komai mai yiwuwa ne, rubuta duk abin da ka ga dama”

A ido gaskiya ce, a aljihu jita-jita. Fim yana gudana da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Masu zanen hannu sukan rage wahala su bar kowane zane ya tsaya hoto biyu, wato zane 12 a daƙiƙa. Minti biyar daƙiƙa 300 ne, ke nan zane 3,600 in komai yana motsi ko da yaushe. A ce mai zane ɗaya yana gama guda 20 a rana, har da launi, zai yi kwana 180 bai huta ba. Manhajoji na kyauta irin su Blender da OpenToonz da Synfig suna rage wannan nauyi, domin ana iya gina ɗan wasa gaɓa-gaɓa a riƙa motsa shi ba tare da an sake zana shi ba. Duk da haka kowane sabon ɗan wasa sai an gina shi, kowane sabon wuri sai an zana shi.

Mai zane da ya ƙware, in ka miƙa masa shafinka, lissafi yake yi yana karantawa. A Mudun Sarki zai ƙirga wurare uku: ƙofar fada, bakin fadama, da hanyar da ke tsakaninsu, wadda zane ɗaya ne ake sauya wa launi daga kaka zuwa hunturu zuwa rani. Zai ƙirga 'yan wasan da ke buƙatar cikakken motsi: Kunkuru da Sarki da tsohuwa da Sankira da Waziri, sai dogari guda da za a maimaita shi sau biyu. Jama'ar gari inuwa ce kawai a baya, dabarar da Lotte Reiniger ta gina dogon fim sukutum a kanta a Jamus tun 1926. Zai kuma yi murna da kaskon, domin kusan minti guda na fim ɗin jarumin yana ɓoye, ba fuska ba wuya, sai ƙafafu huɗu da ake maimaita takunsu. Abin da ya fi ba yara dariya shi ne kuma ya fi arha.

Da a ce na rubuta cewa dubban mahaya sun fito hawan salla suna raka kasko, jimla ɗaya ce a takarda, amma wata uku ce a teburin zane. Doki yana cikin abubuwan da suka fi wuyar motsawa, saboda ƙafa huɗu da dole su faɗi a kan ƙa'ida, in ba haka ba kowane ɗan Zazzau zai gane an yi kuskure. Shi ya sa dokin injin rake na bar shi a nesa, yana zagaye guda da za a maimaita. Ruwan sama da hatsi mai zuba su ma suna da tsada in an matso da su kusa. Ɗigo ɗaya cikin kasko, da ƙararsa, ya fi guguwa arha, kuma ya fi ta aiki.

Rabon lokaci ma daga shafin ake fara hango shi. Daƙiƙa 50 ga dokar gari da mudu biyu, 30 ga bakin fadama, 60 ga tafiya, 70 ga fada da rantsuwa, 60 ga ruwa da juyewar dogarawa, 30 ga rufewa. Sun haɗu 300. Sakin layin da ya ci kashi ɗaya cikin uku na takarda alhali rabin minti aka ware masa, alama ce cewa marubuci ya shagala a wurin.

“Kunkuru zai iya fita daga ƙoƙonsa ya bar shi fanko”

Tsofaffin katun na Turawa sun saba nuna haka, amma a halitta ba ya yiwuwa. Ƙoƙon bayan kunkuru haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka haɗe, ba riga ba ce. Ba shi da haƙora, kuma na tudu ba ya iyo, kififiya ce ta ruwa. Tatsuniya tana da 'yancin sa dabba magana, amma yaron da ya girma da kunkuru a tsakar gida zai fi yarda da dabarar da ta fito daga abin da ya san dabbar tana yi. Kasko ya ba mu ƙoƙon da ake cirewa ba tare da an yi wa halitta ƙarya ba.

“Nuna sarki a matsayin mai haɗama cin fuskar sarauta ne”

A nan sai an yi hattara, domin Ikara da Makarfi da Kudan duk ƙasar masarautar Zazzau ce, kuma mutane suna girmama hakimansu da dagatansu. Amma cewa al'adarmu ba ta san sukar mai mulki azzalumi ba, wannan jita-jita ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Kitab al-Farq, ya lissafa irin kuɗaɗen da sarakunan zamaninsa ke ɗora wa talakawa, har da jangali da kuɗin gari da gaisuwa, ya kuma yi tir da su. M. G. Smith, a littafinsa na 1960 kan tsarin mulkin Zazzau, ya yi bayanin kuɗin galma da manoman wannan ƙasa suka riƙa biya. Tauye mudu kuwa laifi ne da kowane ɗan makarantar allo ya san Alƙur'ani ya yi gargaɗi a kansa. Labarin da ke cewa awo biyu zalunci ne yana tsaye ne a tsakiyar tarbiyyarmu.

A katun ma akwai wanda ya riga mu, kuma daga maƙwabta. Moustapha Alassane na Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya koyi aikin fim a Yamai tare da Jean Rouch, ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren, ya kuma shafe shekaru yana aiki a Tawa. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren katun na kimanin minti biyar, inda shugaban wata jamhuriyar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki da duk shagalin da ke tattare da ita. Da zane mai sauƙi ya yi shi, baƙi a kan fari, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Kwaɗin ne suka ba shi damar faɗin abin da zai yi nauyi a bakin mutum.

Abin da zai mayar da fim cin fuska shi ne kamanni. In ka ba sarkinka sunan sarautar da wani ke riƙe da ita a yau, ko ka zana ƙofar wata fada da kowa ya sani, ko ka kira sunan gari na gaske, ka fita daga tatsuniya ka shiga habaici, kuma tun daga takarda ake gyara wannan. Suna irin Ci-ka-ƙara yana shaida wa kowa cewa hali ake nufi. Waziri da ya yi ƙoƙarin yin raɗa yana nuna cewa a fadar akwai mai hankali, ba a saurare shi ba ne. Ban kuma kashe sarki ko na kore shi daga gari ba. Na ba shi fartanya, domin ina so yaro ya fita daga kallon yana jin cewa mai laifi yana da hanyar dawowa cikin mutane.

“Tatsuniyar wayo tana koya wa yara ƙarya, sai an rufe ta da wa'azi”

Iyaye da malamai da ke faɗin haka suna da hujja, don yawancin nasarorin Gizo da ƙarya yake samunsu. Sai dai maganin ba ya cikin liƙa jawabi a ƙarshe, inda wani dattijo zai fito ya bayyana darasi. Yara sukan tashi da zarar an fara wannan. Maganin yana cikin ginin dabarar. A koma a duba abin da Kunkuru ya faɗa a fada. Ya ce tun kaka ya taso, gaskiya ne. Ya ce kaskon ya ci goma na babban mudu, gaskiya ne. Ya kafa sharaɗinsa a bainar jama'a, sarki kuma yana da Waziri a gefe da cikakkiyar damar ƙi. Abin da Kunkuru ya yi kawai shi ne zaɓen ranar isowa. Sarki ne ya ga kaka mai zuwa ya kasa ganin hadarin da ke kansa. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma fim ɗin ya nuna haka ba tare da wani ya furta ba.

Ga yadda ake gane ko dabara ta ginu a kan halin mugun: a cire sarki mai haɗama a sa mai adalci a wurinsa. Mai adalci da mudu ɗaya ba ya buƙatar kasko, zai yi godiya ya mayar wa mai mazarƙwaila kayansa, labari ya mutu nan take. Haka ake so. In ka sauya halin sarki amma dabarar ta ci gaba da aiki, to wayon naka zai kama mai laifi da marar laifi, kuma iyayen da suka yi ƙorafi sun yi gaskiya.

Kafin a kai takardar wurin furodusa, ko wurin ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, waɗanda ba su da nisa da waɗannan garuruwa, a fara karanta ta da baki ga yara uku ko huɗu, ba tare da ƙarin bayani ba. Karatun ba zai wuce minti uku ba. A lura da wurin da suka gano tarkon. In sun gano shi tun Kunkuru yana kan hanya, an nanata dokar ruwan shuka fiye da kima, sai a rage ta zuwa faɗa ɗaya, a kuma cire duban sama da Kunkuru ya yi. In kuwa ɗigo ya faɗi cikin kasko suna ta kallonka ba su gane ba har sai da Sankira ya yi magana, shelar farko ta yi rauni, sai a ƙara mata hoto: a nuna ranar mayarwa ta bara, ruwa yana sauka, dogari yana zuba wa tsohuwa ɗan ludayinta goma a bakin zane.